Tura Manyan Fayiloli da Manhajoji Daga Waya Zuwa Waya Ba Tare da Data Ba

A shirin da ya gabata na fasahar zamani, mun karanta saƙon wani mai sauraro, ɗan kasuwa da ke zaune a Birnin Ƙonni yana zirga-zirga zuwa Illela. Ya ce ƙaninsa ya tura masa abu biyu daga wayarsa: bidiyon karatu mai nauyin giga ɗaya da rabi, da wata manhaja ta rubuta bashi da ciniki. Bidiyon ya shiga lafiya. Manhajar kuwa ta ƙi hawa, wayar ta rubuta masa "Application non installée". Abin da ya fi ba shi haushi, da suka gama sai ƙanin ya duba ya ga datarsa ta ragu sosai, alhali an ce musu wannan turawar ba ta cin data. Ya ce, "Malam, ina gaskiyar take?"

To, gaskiyar tana nan, kuma duka abubuwan biyu suna da dalili. Ga bayanin da aka yi a shirin, mun rubuta shi domin wanda bai samu saurare ba, ko wanda yake so ya riƙe waya a hannu yana bi daki-daki.

Ta ina kayan ke bi?

Mu fara da wannan, don in an gane shi sauran ba wuya. Idan ka tura wa mutum bidiyo ta WhatsApp, ko da kuna zaune kan tabarma ɗaya, bidiyon sai ya fita daga wayarka, ya hau turken kamfanin layinka, ya tafi can wata na'ura mai nisa, sannan ya dawo wayarsa. Kai ka biya kuɗin hawa, shi ya biya kuɗin sauka. Manhajojin tura kaya na kusa, irin su Xender da SHAREit da Quick Share, ba haka suke yi ba. Wayoyin biyu ne ke magana da juna kai tsaye, da 'yar na'urar Wi-Fi da ke cikin kowacce.

Nan ne mutane da yawa ke rikicewa, domin a wajenmu da an ce Wi-Fi sai a ɗauka intanet ake nufi. A'a. Wi-Fi hanya ce kawai ta aika saƙo ta iska tsakanin na'urori biyu da ke kusa, kamar dai rediyo mai gajeren zango. Ko akwai intanet a bayanta ko babu, hanyar tana aiki. Shi ya sa za ka iya tura fim a tsakiyar daji inda babu sabis, ko rezo kamar yadda ake cewa a wancan gefen iyaka, kuma ko an zare layukan wayoyin biyu gaba ɗaya zai tafi.

Bluetooth ma yana iya tura kaya, kowa ya san shi tun zamanin ƙananan wayoyi. Matsalarsa jan ƙafa. A aikace abin da yake iya kaiwa bai wuce kamar kashi ɗaya cikin biyar na mega a daƙiƙa ɗaya ba. Ɗauki bidiyon mai sauraronmu, mega 1,500 ke nan. Ta Bluetooth sai an yi zaman awa biyu da 'yan mintoci, in ma bai yanke a hanya ba. Ta Wi-Fi kuwa, ko wayoyin ƙanana ne masu tafiya a kan mega 4 a daƙiƙa, minti 6 da ɗan wani abu an gama. In dukansu manya ne masu iya hawa zangon 5 GHz, suna iya kai mega 20 a daƙiƙa ko fiye, ka ga ke nan bai kai minti ɗaya da rabi ba. Waɗannan lissafin kusa-kusa ne, kowace waya da ƙarfinta, kuma mai rauni a cikin biyun ita ce ke yanke saurin.

Amma kada ka kashe Bluetooth don ka ji an ce yana da jan ƙafa. Quick Share da shi yake leƙawa ya gano wayar da ke kusa, su gaisa, sannan ya miƙa wa Wi-Fi ɗaukar kayan. Wato shi ɗan aike ne, Wi-Fi ne motar kaya. Idan ka ga turawa tana rarrafe, minti biyar ta wuce ba a ci ko mega ɗari ba, alama ce wayoyin sun kasa haɗa Wi-Fi sun tsaya a kan ɗan aiken. Ka soke, ka kashe Wi-Fi na wayoyin biyu ka sake kunnawa, ka fara daga farko.

To ina datar ƙanin ta tafi?

Ga inda gizo ke saƙar. Hanya mafi sauƙi da waya ɗaya za ta jawo ɗaya ita ce ta kunna Hotspot, wanda a wayar da aka saita da Faransanci za ka gani a ƙarƙashin "Point d'accès" ko "Partage de connexion". Asalin aikin Hotspot shi ne raba data. Idan datar mai turawa a kunne take, kuma haɗin ya bi ta irin wannan Hotspot ɗin, to wayar mai karɓa ba ta san komai ba illa ta samu Wi-Fi. Galibin wayoyi kuwa an saita su ne su jira Wi-Fi kafin su yi manyan ayyukansu: Play Store ya fara sabunta manhajoji, WhatsApp ya fara sauke bidiyoyin da aka zuba a zaurukan da kake ciki, hotuna su fara hawa ma'ajiyar intanet. Duk wannan a kan kuɗin mai turawa. Bidiyon karatun bai ci ko mega ɗaya ba, wayar yayan ce ta samu gaɓa ta sha ta ƙoshi.

Sababbin wayoyi da sababbin zubin waɗannan manhajoji sukan buɗe haɗi na musamman wanda ba ya raba intanet. Amma ba za ka zauna kana binciken wane iri wayarka ta buɗe ba. Kuma akwai ƙofa ta biyu da data ke zurara: manhajojin tura kaya na kyauta da talla suke rayuwa, da sun ga data a kunne sai su fara jawo tallace-tallace da gajerun bidiyo. Ƙofa ta uku tana cikin Quick Share kansa. A saitinsa akwai zaɓin da ke ba shi izinin amfani da datar layi idan ya ga hakan ya fi masa. A tsohon zubi za ka ga zaɓi uku, "Data" da "Wi-Fi only" da "Without internet", ka zaɓi na ƙarshen. A sabon zubi maɓalli ne na amfani da datar waya, sai ka kashe shi.

Maganin dukansu ɗaya ne, kuma bai fi daƙiƙa biyar ba: kafin a fara, kowa ya ja allon wayarsa daga sama ya kashe data. Dukanku biyu, ba mutum ɗaya ba. Wannan ya fi zama dole ga masu tsallaka iyaka, irin mutanen Ƙonni da Illela, ko Maraɗi da Jibiya, ko Magariya da Babura, waɗanda layinsu kan kama turken ƙasar maƙwabta. Datar da aka ci a layin da ya ƙetare iyaka ba farashinta ɗaya da ta gida ba.

Yadda ake yi, da Quick Share

Mun zaɓi yin misali da Quick Share ne don yana cikin wayar tun asali, ba sai ka nemo shi ba, kuma babu talla. Google ne ya fito da shi a watan Agustan 2020 da sunan Nearby Share, don wayoyin Android 6.0 zuwa sama. A farkon 2024 aka haɗe shi da na kamfanin Samsung, ya koma Quick Share. Saboda haka in wayarka ta daɗe ba ta sabunta ba ka ga tsohon sunan, abu ɗaya ne.

Mai karɓa shi zai fara shiri. Ya kunna Bluetooth da Wi-Fi, amma ba sai ya haɗa Wi-Fi ɗin da komai ba. Ya kunna Location, wato "Localisation" a Faransanci. Mutane kan yi tsaki a nan su ce me ya haɗa tura fim da sanin inda nake. Dalili shi ne, a ƙa'idar Android, leƙen na'urorin Wi-Fi da Bluetooth da ke kewaye da kai yana iya nuna inda kake, don haka aka ɗaure shi da wannan izinin. In ka hana, wayoyin ba za su ga juna ba, musamman tsofaffi. Sannan ya ja allo daga sama, ya taɓa Quick Share, ya zaɓi kowa ya iya ganinsa, "Everyone". Yana da zaɓin minti 10 kawai, shi ya fi, don kada wayar ta zauna a buɗe a tsakiyar kasuwa.

Mai turawa kuma ya buɗe inda fayil ɗin yake, ya danna shi ya riƙe, ya taɓa alamar Share, wato "Partager", ya zaɓi Quick Share. Sunan wayar ɗan'uwansa zai fito, sai ya taɓa. A ɗaya wayar saƙo zai fito yana neman amincewa, wani lokaci da lamba huɗu da za ku gwada ku ga iri ɗaya ce a wayoyin biyu. A wurin taro, biki ko tasha, kada ku raina wannan, domin wayoyi iri ɗaya masu suna iri ɗaya suna da yawa. In an gama, kayan yana sauka a cikin Download.

Ku ajiye wayoyin kusa da juna, mu dai muna cewa ku ɗora su kan benci ɗaya. A bar allo a kunne, a kashe tsarin tsimin batir, don shi yakan kashe aikin da ke gudana da zarar allo ya mutu. Kuma a shiga inuwa. Wayar da ta yi zafi tana rage gudunta da kanta don ta kare kanta, ranar Afrilu kuwa ba wasa ba ce.

Xender da 'yan'uwansa tsarinsu bai yi nisa da wannan ba: ɗaya ya danna Send, ɗaya Receive, a haska lambar QR da kamara, shi ke nan. Amfaninsu shi ne suna ɗibar tarin kaya lokaci guda, kuma suna aiki a wayoyin da ba su da kayan Google. Illarsu talla da yawan izinin da suke nema.

Abu ɗaya kafin mu bar bidiyo. Kada mai turawa ya goge nasa, kada kuma ku rabu, sai an duba. Ku buɗe bayanin fayil ɗin a wayoyin biyu ku gwada nauyinsa. Wayar Turanci za ta rubuta MB da GB, ta Faransanci ta rubuta Mo da Go, ma'auni ɗaya ne. Sannan ku kunna bidiyon ku ja shi zuwa kusan ƙarshe. Fayil ɗin da ya yanke a hanya yakan ƙi buɗewa sam, ko ya fara lafiya ya tsaya a tsakiya.

Idan kuma fayil ɗin ya haura giga 4 kuma memori kake son ya sauka, kana iya ganin ya ƙi shiga alhali akwai wuri. Ba laifin turawa ba ne. Memori masu giga 32 zuwa ƙasa galibi da tsarin FAT32 suke zuwa, shi kuwa ba ya karɓar fayil guda ɗaya da ya wuce giga 4. Ka sauke shi a cikin waya. Akwai kuma memorin jabu da ke nuna giga 64 alhali cikinsa bai kai haka ba. Alamarsa, yana karɓar duk abin da aka zuba ba ya ƙorafi, amma in an je buɗewa sai a tarar da wasu fayilolin sun lalace.

Me ya sa manhajar ta ƙi hawa?

Wannan shi ne babban batun, kuma shi ne wanda ko masu shagon tura fina-finai da yawa ba su bi diddiginsa ba. Bidiyo bidiyo ne, kowace waya ta samu za ta kunna. Manhaja ba haka take ba.

A da, kowace manhajar Android fayil ɗaya ce, mai ƙarewa da .apk. A cikinsa an zuba komai: abin da zai yi wa babbar waya, abin da zai yi wa ƙarama, hotuna na kowane irin allo, harsuna duka. Kamar babbar riga ce da aka ɗinka ta shiga kowa. Shi ya sa a shekarun baya in aka tura maka manhaja da wuya ta ƙi. To daga watan Agustan 2021, Google ya wajabta wa sababbin manhajoji da ke shiga Play Store wani sabon tsari. Yanzu Play Store tela ne: yana duba wayarka, ya yanka maka daidai jikinta, ya aiko da manhajar gunduwa-gunduwa. A wayar ƙanin mai sauraronmu, manhajar da yake gani guda ɗaya tana iya zama fayiloli huɗu kamar haka:

```
base.apk
split_config.arm64_v8a.apk
split_config.xxhdpi.apk
split_config.en.apk
```

Na farko shi ne gangar jikin manhajar. Na biyu an yi shi ne daidai da irin ƙwaƙwalwar wayar. Na uku hotuna ne daidai da kaifin allonta. Na huɗu harshe, a nan Turanci. An yi haka ne don a rage wa mutane nauyin abin da suke saukewa, kuma ya rage ɗin. Sai dai ya ɓata wa masu turawa lissafi ta hanya biyu.

Hanya ta farko, wasu manhajojin tura kaya, musamman tsofaffin zubi da aka daɗe ba a sabunta ba, gangar jikin kawai suke ɗauka su bar sauran. Ka karɓi riga ba hannuwa. Irin wannan ko dai ta ƙi hawa, ko ta hau, ka ga alamarta a allo, kana taɓawa ta buɗe ta rufe nan take. In ka ga abin da ya sauka a wayarka fayil ɗaya ne tak mai suna base.apk, ko nauyinsa ya yi ƙanƙanta ƙwarai, to ka zargi wannan. Gyaransa a sake turawa da abin da ke kwashe gunduwoyin duka. Mai turawa ya sabunta manhajar tura kayansa ranar da ya samu data, ko ya gwada ta manhajar Files ta Google, ya shiga sashen Apps, ya zaɓi manhajar ya tura daga can.

Hanya ta biyu ita ce ta fi wuya, domin ko an kwaso gunduwoyin duka ba lalle su yi ba. Dubi fayil na biyu a jerin nan, mai arm64 a sunansa. Wannan na wayoyi ne masu tsarin 64-bit, wato galibin manya da matsakaitan wayoyin yanzu. Ƙananan wayoyi masu araha da yawa, musamman masu Android Go da ƙaramin ƙwaƙwalwa, a kan tsarin 32-bit suke tafiya, su kuma gunduwar da suke buƙata sunanta armeabi_v7a. Wayar ƙanin ba ta taɓa sauke wannan gunduwar ba, don ba ta buƙatarta. Abin da ba ka da shi kuwa ba ka iya bayarwa. Ko sau goma aka tura, amsar ɗaya ce: "App not installed".

Da muka bi bayanin da mai sauraron ya turo, wannan ne ya fi kama da abin da ya same shi. Wayar ƙanin babba ce, tasa ƙarama ce mai Android Go. Shawarar da aka ba shi ita ce ya daina wahalar da ƙanin, ya nemi wanda ke da waya irin tasa ko ajinta, wanda ya sauke manhajar daga Play Store, ya karɓa daga gare shi. Daga ƙaramar waya zuwa babba abin yakan yi sau da yawa, domin manyan wayoyi da dama suna iya ɗaukar manhajar 32-bit. Daga babba zuwa ƙarama ne ake yawan cin karo da bango.

Akwai wani ɗan abin dariya da masu zama a bakin iyaka za su gane. In manhajar ta fito daga wayar da aka saita da Turanci, gunduwar Faransanci ba ta cikinta. Sai ta hau wayar mutumin Damagaram lafiya lau, amma ta ƙi jin Faransanci. Ba lalacewa ta yi ba, harshen ne aka baro a baya.

Sauran dalilan ƙin hawa sun fi sauƙin ganewa, in dai mutum zai tsaya ya karanta abin da wayar ta rubuta maimakon ya danna OK da sauri. Idan ta ce "There was a problem parsing the package", ko a Faransanci ta yi maganar "analyse du package", abu biyu ne: ko fayil ɗin ya yanke a hanya, ko manhajar ta fi ƙarfin zubin Android ɗin wayarka. Sake turawa sau ɗaya. In ya maimaita, shiga Settings, ka gangara About phone, ka duba Android version. Manhajar da aka gina don Android 8 zuwa sama ba za ta hau Android 7 ba, ko wa ya turo ta. Idan ta ce manhajar ta yi karo da wata da ke cikin wayar, to akwai irinta a ciki da ta fito daga wani hannun daban. Kowace manhaja tana ɗauke da sa hannun wanda ya gina ta, kuma Android ba ya yarda a ɗora sabuwa kan tsohuwa sai sa hannun ya zo ɗaya. Haka kuma ba ya yarda a ɗora tsohon zubi a kan sabo. Sai kuma rashin wuri: manhajar mega 80 tana buƙatar fiye da mega 80 lokacin hawa, domin sai an kwance ta an shimfiɗa. Ka bar mata ninki biyu ko uku.

Wata tambayar da ke yawan zuwa: in an turo min manhaja, da kayan cikinta take zuwa? A'a. Manhajar ciniki da ƙanin ya turo, ko da ta hau, wayam za ta zo, babu sunan mai bashi ko ɗaya a ciki. WhatsApp ma haka, babu hirarraki, kuma sai ka samu sabis da ɗan data ka tabbatar da lambarka kafin ya yi aiki. Turawa tana rage maka kuɗin saukewa ne kawai.

Abin da bai kamata a karɓa ta wannan hanya ba

Kafin manhajar da aka turo ta hau, wayar za ta tsayar da kai ta nemi izini, "Install unknown apps". Tun daga Android 8, izinin na kowace manhaja daban ne, wato kana ba Xender ko Files ne damar girka maka abu. Ka bayar, ka gama, ka koma ka rufe. Wannan shingen ba ado ba ne. Bidiyo ko waƙa in sun lalace iyakarsu su ƙi kunnuwa, amma manhaja tana iya karanta saƙonninka, ciki har da lambobin sirri da banki ke turowa.

Saboda haka a ra'ayinmu akwai layin da ba a tsallakewa. Manhajar banki, ko ta aika kuɗi ta waya, ko duk wadda za ka zuba wa lambar sirrinka, ka sauke ta da kanka daga Play Store, ko da sai ka sayi data don ita kaɗai. Fayil ɗin da ya bi hannu biyar kafin ya iso gare ka, ba ka da hanyar sanin ko wani ya buɗe shi ya cusa wani abu a tsakani, suna da tambari kuwa kowa na iya kwaikwaya. Haka nan gyararrun WhatsApp da ake yayi, irin su GB WhatsApp. Ba kamfanin ne ya yi su ba, kuma ya sha faɗa cewa yana iya rufe lambar mai amfani da su. Ɗan kasuwar da duk abokan cinikinsa na Kano da Agadas a wannan lambar suka san shi, ya auna abin da zai rasa.

Alama mai sauƙi: manhajar tocila ko ta kallon fim da ke hawa ta nemi izinin karanta saƙonni, ko ta nemi ka kunna mata Accessibility, ka cire ta nan take. Su kansu manhajojin tura kayan ba a barinsu su tsufa. A watan Fabrairun 2021 kamfanin tsaro na Trend Micro ya bayyana wasu ɓarakoki a SHAREit na Android da za a iya bi a cutar da mai waya. Irin waɗannan ɓarakoki ta hanyar sabuntawa ake toshe su, wanda kuwa ya karɓi tsohon zubi daga hannun wani ya ajiye shekara uku, gyaran bai iso gare shi ba.

Masu iPhone sun yi ta turo saƙo ana cikin shirin, to ga naku a taƙaice. Fayil ɗin .apk ba ya hawa iPhone ko ta wace hanya aka turo shi, gidan ba ɗaya ba ne. Tsakanin iPhone da iPhone akwai AirDrop, shi ma Bluetooth ne ke nema Wi-Fi ya ɗauka. Ku duba saitinsa, a sababbin zubi akwai "Use Cellular Data" da ke ƙarasa turawa da datarku idan kun yi nisa da juna, ku kashe shi. Tsakanin iPhone da Android kuwa hotuna da bidiyo da takardu suna wucewa, amma galibi sai an sa manhaja iri ɗaya a wayoyin biyu, kamar Xender ko LocalSend. Ita LocalSend tana buƙatar wayoyin su hau Wi-Fi ɗaya, don haka mai Android ya kashe datarsa, ya kunna Hotspot, mai iPhone ya haɗa da shi. Wayar za ta yi ƙorafin babu intanet a wannan haɗin, ku ce mata ta zauna a hakan, sannan ku buɗe manhajar a wayoyin biyu ku tura.